Yadda Ake Ba Da Uzuri Idan An Gayyace Ka Mitin: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ma'aikata ke yawan yi idan gayyatar mitin ta faɗo musu a lokacin da aiki ya sha musu kai, ko kuma suka ga maganar ba ta kai a tara mutane a ɗaki ɗaya ba. Amsoshin duka sun ratayu ne a kan abu guda. Wanda ya kira mitin yana da buƙata, kuma abin da kake ƙi shi ne zaman, amma buƙatar tana nan sai ka biya masa ita ta wata hanya, a kan lokacin da kai da bakinka ka yanka.

Ba rashin kunya ba ne mutum ya gayyace ka, ka ce ba za ka zo ba?

A'a, muddin ka amsa da wuri kuma ka kawo madadi. Abin da ke ɓata wa mutane rai a ofis shi ne ka ce "to, in Allah ya yarda" alhali ka riga ka san ba za ka je ba, a jera kujeru, a jira ka minti 20, sannan a kira wayarka a ji ta a kashe. Mu Hausawa muna jin nauyin cewa a'a kai tsaye, shi ya sa muke fakewa da "sai na duba" ko "za mu gani". A harkar zumunci kowa ya san ma'anar wannan, ba a jin ciwo. A wurin aiki kuwa mai gayyata ya ɗauka ka amsa, ya gina shirinsa a kanka, wataƙila ma ya ɗage wani abu saboda kai. Uzurin da aka bayar ranar Litinin kan mitin na Laraba ladabi ne. Wanda aka bayar da ƙarfe 11 saura minti 5 na ranar Larabar, ko da an cika shi da ban haƙuri, ya riga ya yi ɓarna.

Ta yaya zan gane mitin ɗin da za a iya kauce masa?

Ka tambayi kanka me ake so a fito da shi daga ɗakin. Idan abin da ake nema bayani ne da ke hannunka, kamar adadin kayan da suka rage a sito, ko inda aka kwana kan wani rahoto, ko ranar da mota za ta tashi, to rubutu ya wadatar, har ma ya fi, domin ana iya komawa a duba shi bayan mako guda. Idan shawara ce guda za a yanke tsakanin mutum biyu, kuma kowa ya san zancen, kira na minti 10 ko 15 zai kashe ta.

Akwai kuma zaman da ba a kauce masa, kuma wanda ya yi ƙoƙarin mayar da shi saƙo zai ga sakamakon. Idan akwai saɓani tsakanin ma'aikata, ko za a faɗa wa wani labari marar daɗi, ko ana cinikin farashi da sabon abokin hulɗa, ko haɗuwar farko ce da wanda za ku daɗe kuna aiki tare, to a zauna. Haka nan idan wani babba ya kira ka don a gaisa a san juna, kada ka ce ya turo maka ajanda. Wannan zaman gaisuwar ita ce ajandarsa.

Wata alama mai sauƙi ita ce gayyatar kanta. Idan ta zo babu ajanda, sunaye 12 a jere, kuma ka duba ka rasa abin da za ka ce in ka je, akwai yiwuwar an saka ka ne don kada ka ji an ware ka. Irin wannan mai gayyatar ba zai damu ba idan ka ce a turo maka abin da aka cimma. Yana da kyau ka riƙa lissafi ma, domin mutum 8 a mitin na awa 1 awa 8 ne na aiki, wato yinin ma'aikaci guda cur.

Idan kuwa ka kasa gane abin da ake nema, kada ka yi saurin ƙi. Ka fara tambaya: "Malam, don in zo da shiri, me ake so daga ɓangarena a zaman nan?" Sau da yawa amsar da zai ba ka ita ce za ta nuna muku ku biyun cewa layi uku na rubutu sun isa.

To me zan rubuta? Ina son misali na gaske.

A ce kai ne mai kula da sito a wani kamfanin rarraba kaya a Kano. Ranar Litinin Hajiya, shugabar sashen ciniki, ta turo maka gayyatar mitin na awa 1, Laraba da ƙarfe 11, kan jinkirin kayan dilolin Katsina da Gusau. Larabar kuma ita ce ranar ƙidayar kaya ta ƙarshen wata, wadda in ka bar ta a tsakiya sai an sake daga farko. Ka san abin da ke damun Hajiya, diloli ne ke kiranta, ita kuma ba ta da ranar da za ta faɗa musu. Ga abin da za ka tura mata a ranar Litinin ɗin:

"Salamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Na ga gayyatar zaman Laraba kan kayan Katsina da Gusau, na gode. Ba zan samu halarta ba, saboda ranar muke ƙidayar kaya ta ƙarshen wata. Amma kada maganar ta tsaya saboda ni, gobe Talata kafin ƙarfe 2 zan turo miki a rubuce adadin abin da ke sito, abin da ke kan hanya, da ranar da kowace mota za ta tashi. Idan kin duba akwai abin da ya rage, zan kira ki na minti 15, ko goben da ƙarfe 4 da rabi bayan la'asar, ko Alhamis da ƙarfe 9 na safe, duk wanda ya fi miki. Idan kuma kina ganin lallai sai an zauna, ina nan Alhamis. A huta lafiya."

Duba yadda saƙon ya tafi. An yi sallama da gaisuwa, amma gajeriya, domin dogon "ya gida, ya yara, ya gajiya" kafin a ce ba za a zo ba yakan sa mai karatu ya fara zargin ana lallaɓa shi. Sai ƙin ya zo a fili cikin jimla ɗaya, "ba zan samu halarta ba", babu "wataƙila" babu "zan ƙoƙarta". Nan da nan madadi ya biyo, kuma nan ne ƙarfin saƙon yake, domin an ambaci abubuwa uku da za a turo, an ambaci rana, an ambaci ƙarfe nawa. Da ka ce mata "zan turo miki bayani nan gaba", ba ka ba ta abin da za ta riƙe ba, kuma da gaskiyarta idan ta nace sai an zauna.

Lokuta biyu aka ba ta ta zaɓa, ba a ce "duk sanda kika samu sarari" ba. Wannan kalma tana kama da girmamawa, amma mayar mata da aikin neman lokaci ne, sai a yi ta kai da kawowar saƙo har Larabar ta wuce. Jimlar ƙarshe kuma, wadda ta bar mata damar cewa a zauna, ita ce ke cire wa saƙon kamannin gardama. Ka nuna mata cewa hukuncin na hannunta, kai shawara ka kawo.

Dole ne in faɗi dalilina?

Dalili ɗaya na gaskiya, a taƙaice. Idan ka jero uku, na biyu da na uku suna raunana na farko, kuma kana ba shi ƙofar warware maka su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ƙirƙiri rashin lafiya ko ta'aziyya, ofis ƙaramin wuri ne, za a gan ka. Idan dalilin na gida ne da ba ka son faɗa, "ina da wani uzuri a lokacin" ya isa tsakanin abokan aiki.

Dalilin da ba a faɗa ko da gaskiya ne shi ne cewa mitin ɗin ɓata lokaci ne. Ka bar madadin da ka kawo ya faɗi hakan da kansa.

Yaushe zan ba da shawarar kira, yaushe kuma rubutu?

Idan akwai lambobi, ranaku, sunayen kaya ko kuɗi, rubutu. Kunne ba ya riƙe katan 260 da katan 140 da ranar Juma'a a lokaci guda, kuma idan aka yi gardama daga baya babu shaida. Idan kuwa ka hango cewa kowace amsa za ta haifi wata tambaya, to kira, domin abin da za a yi saƙo goma a kansa minti 5 na magana zai gama shi. Haka idan akwai ɗan ɓacin rai a cikin lamarin, murya tana sanyaya abin da rubutu kan ƙara wa zafi.

Mafi yawan lokuta haɗa su ne ya fi, rubutu ya riga, kira ya biyo idan da buƙata, kamar yadda aka yi wa Hajiya. Ba sabon abu ba ne a manyan kamfanoni. A Amazon tun 2004 Jeff Bezos ya hana a riƙa gabatar da bayani da PowerPoint a zaman manyan ma'aikatansa, ya ce a rubuto shi a takarda cikin cikakkun jimloli, a karanta shiru a farkon zama kafin kowa ya buɗe baki. Kai ba ka buƙatar shafi shida irin nasu, amma dabarar ɗaya ce, wanda ya karanta kafin a yi magana tambayoyinsa sun fi kaifi kuma sun fi kaɗan.

Akwai kuma batun data da netwok, wanda mai gayyata daga Abuja ko daga ƙasar waje ba lallai ya tuna da shi ba. Awa guda ta bidiyo a Zoom tana iya cin rabin giga ko fiye, kuma ma'aikacin da ke ƙauye rabin zaman zai ƙare ne a "kuna ji na?" Wannan dalili ne karɓaɓɓe, a faɗe shi ba tare da jin kunya ba, a nemi kiran waya na murya kawai.

Me ya kamata rubutaccen bayanin ya ƙunsa?

Amsar tambayarta a layin farko. Mutane da yawa suna farawa da tarihi, yadda aka yi oda, yadda direba ya makara, sai can ƙasa a ga abin da ake nema. Hajiya a waya za ta karanta, wataƙila dila na tsaye a gabanta. Ga yadda na Talatar zai kasance:

"Hajiya, ga bayanin da na yi alkawari. Kayan Katsina za su tashi Alhamis da safe, na Gusau kuma sai Asabar. Jimillar odar garuruwan biyu katan 400 ce, Katsina 220, Gusau 180. Yanzu muna da 260 a sito, sauran 140 suna kan hanya daga Legas, ana sa ran isowarsu Juma'a. Shi ya sa na tsara a cika wa Katsina nasu duka, 40 da suka rage a haɗa da 140 ɗin a kai Gusau. Abin da nake buƙata daga gare ki shi ne ki tabbatar min kafin ƙarfe 12 na Laraba ko kin yarda da wannan rabon, ko kin fi son a raba 260 ɗin tsakaninsu, kowa ya samu wani abu yanzu. Idan motar Legas ta makara zan sanar da ke a ranar Juma'ar, ba sai kin tambaya ba."

Wannan bai kai minti 1 ana karantawa ba, amma ya ɗauke duk abin da za a yi awa guda ana juyawa. Ya faɗi matsayi, ya faɗi dalili, ya ware shawarar da ita kaɗai ke da ikon yankewa ya sa mata wa'adi, sannan ya ambaci abin da zai iya lalacewa. Wannan na ƙarshen mutane na tsoron rubuta shi, alhali shi ne ke sa a amince da kai. Hanyar gane cewa bayaninka bai yi ba kuwa ita ce idan amsar da ta dawo ta kasance "to yaushe ke nan?" ko "ban gane ba, mu dai zauna".

Kuma ka cika alkawarin ƙarfe 2 ɗin. Idan ka ƙi zama sannan rubutun ya zo da magariba, ko bai zo ba, nan gaba ba wanda zai karɓi madadinka, kuma ka jawo wa kanka mitin biyu maimakon ɗaya.

Saƙon murya na WhatsApp zai iya zama madadin rubutu?

Tsakanin abokan aiki da suka saba, kuma idan bai wuce minti 1 ba, yana yi. Amma ba a iya bincika shi a nemo lamba, ba a iya saurarensa a tsakiyar mutane, kuma saƙon murya na minti 7 mitin ne da ka tilasta wa mutum shi kaɗai ba tare da damar katse ka ba. Idan wanda kake hulɗa da shi ya fi sakewa da sauraro a kan karatu, kamar wasu diloli da direbobi, ka yi muryar, sannan ka biyo ta da lambobin a rubuce.

Na nemi kiran minti 15, amma kullum sai ya koma awa guda. Ina matsalar?

Yawanci daga buɗewa ne. Gaisuwa wajibi ce, ba wanda zai ce ka tsallake ta, amma da zarar an gama sai kai da ka nemi kiran ka ja linzami: "Hajiya, abu biyu ne kawai, rabon katan 260 ɗin, da wanda zai sanar da dilolin Gusau." Da ka faɗi adadin abubuwan, kowa ya san inda ƙarshen yake. Idan sabuwar magana ta kunno kai, ka ce ka rubuta ta, za ka waiwaye ta daban.

Zaɓen lokaci ma yana taimakawa. Kiran da aka sa minti 15 kafin sallar azahar, ko kafin wani zaman da kowa ya san da shi, yana da katanga ta kansa. Ranar Juma'a kuwa a guji tsakar rana gaba ɗaya. Idan da wanda ke wata ƙasa, a rubuta agogon da ake nufi, domin ƙarfe 10 a Kano ko Yamai ƙarfe 9 ne a Accra, ƙarfe 12 kuma a Nairobi, Landan kuwa daidai take da mu a lokacin bazararsu amma tana bayanmu da awa 1 a lokacin sanyi.

Bayan an ajiye waya, ka tura layi biyu na abin da aka tsayar da wanda zai yi shi. In ba haka ba kowa zai tafi da nasa fahimtar.

Idan ogana ne ya kira mitin ɗin fa?

Nan salon yana canzawa. Ba ka ce wa na gaba da kai "ba zan samu halarta ba", sai dai ka ajiye masa ayyukan biyu a gabansa ya zaɓa, tunda duka nasa ne:

"Ranka ya daɗe, na ga kiran zaman Laraba. Ranar ce muka tsayar don ƙidayar kaya, wadda ake jiran sakamakonta a ofishin akanta ranar Alhamis. Idan Yallabai ya amince, zan kawo bayanin ɓangarena a rubuce gobe, in ci gaba da ƙidayar. Idan kuma an fi son in halarta, sai mu ɗage ƙidayar zuwa Alhamis. Duk yadda aka ce."

Ka nuna masa abin da halartarka za ta ci, ka bar masa hukunci. Idan ya ce ka zo, ka je da fuska a sake, ba a sake ja. Sannan ka san halin mutuminka, domin akwai shugabannin da saƙon waya daga na ƙasa da su kan irin wannan batu yake zame musu raini. Irinsu ka taka ka same su a ofis, ka faɗa da baki cikin minti 2. A ma'aikatun gwamnati kuma, idan gayyata ta zo a takarda daga ofishin babban sakatare ko darakta, ba a mayar da ita kiran waya. Abin da aka saba shi ne a nemi izini ta hannun shugaban sashe, a tura wakili da bayanin a hannunsa.

Gayyatar ta zo ta kalanda. In danna ƙi kawai?

Kada ka danna shi tsurarsa, domin abin da zai isa wa mai gayyata sanarwa ce busasshiya cewa wane ya ƙi. A Google Calendar, kusa da Yes, No da Maybe akwai Add note inda za ka rubuta uzurinka, da Propose a new time inda za ka iya sauya lokacin farawa da na gamawa, wato ka mayar da awa 1 ta koma minti 15. A Outlook ma akwai Propose New Time, kuma idan ka zaɓi Decline yana ba ka damar rubuta saƙo kafin amsar ta tafi. Maybe da Tentative kuwa a bar su ga wanda da gaske bai san ko zai samu zuwa ba. Ni dai na fi son a fara tura saƙon ga mutumin kai tsaye, sannan a danna maɓallin, don kada na'ura ta riga ka kai labari.

Wani daga waje, mai tallan kaya ko mai neman haɗin gwiwa, yana son mu zauna. Shi ma sai na kawo madadi?

Sai idan kana da sha'awar abin. In kana da ita, ka ce ya turo bayanin a shafi ɗaya tare da farashi, ka faɗa masa ranar da za ka ba shi amsa. In ba ka da ita, ka gode masa ka ce ba ku da buƙata a yanzu. Cewa "turo mu gani" don kawai ka rabu da shi zalunci ne ƙarami, zai yi wata guda yana bibiyarka.

Na yi duk wannan, amma ya nace sai an zauna, ko ya yi shiru.

Nacewa alama ce cewa akwai abin da bai rubuta a gayyatar ba. Wataƙila yana son shaidu kan wata shawara, wataƙila shi ma na sama da shi ne ya matsa masa, wataƙila kuma maganar ba ta rubutuwa. Ka kira shi ka tambaya a hankali, idan ta tabbata sai ka nemi a rage tsawon zaman, ko a sa batunka a farko ka yi minti 15 ka nemi izinin fita. Shiru kuma ba yarda ba ce. Ka tura bayanin a kan lokacin da ka ce, sannan da safiyar ranar mitin ka ɗan taɓa shi: "Malam, ina fatan bayanin jiya ya iso, akwai abin da zan ƙara kafin ku zauna?"

Mitin na mako-mako fa, wanda ya daina amfani?

Wannan ba a ƙin sa mako bayan mako da sabon uzuri, domin a karo na uku za a ce ka fara girman kai. A tunkari mai shirya shi a keɓe, ba a gaban jama'a ba, a kawo masa gwaji mai wa'adi. Misali, na wata guda kowa ya turo layi biyar kafin ƙarfe 10 na Litinin, abin da ya gama, abin da ke gabansa, da abin da ya tsaya masa, sai a zauna sau ɗaya a mako biyu kan abubuwan da suka tsaya kawai. Idan wata ya cika a duba a gani, ko an samu aikin da ya faɗi ƙasa saboda rashin zaman, ko mutane sun daina turo nasu. Idan ɗayan biyun ya faru a koma yadda ake, idan bai faru ba a tambayi mai shiryawar ko a ci gaba a haka.